Asusun da sunan wani, layin da sunan wani: yadda ake gano wanda ya ci kuɗin

Tambaya: "Barista, ina sayar da kayan yadi a Kano. Wani ya tallata mini leshi ta WhatsApp, muka yi ciniki, na tura masa naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, bayan kwana biyu ya toshe ni. Na kai ƙara, aka ce asusun na wani dattijo ne a ƙauye wanda ko wayar shafa ba shi da ita. Ina da hoton hirarmu da rasit. Ta yaya ake gano ainihin mutumin, kuma abin da ke hannuna zai karɓu a kotu?"

Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Kafin komai, kada ki goge hirar nan, kada ki sayar da wayar, kada ki bari a yi mata filashin, kuma kada ki cire WhatsApp ki sake sa shi. Hotunan da kika ɗauka suna da amfani, amma asalin hujjar tana cikin wayar, kuma akwai ranar da za a ce ki kawo ta.

A irin wannan shari'a wurare uku ne ke ajiye sawun mai laifi: banki, kamfanin layi, da wayoyin da aka yi hirar da su. Kowanne abu kaɗan ya sani. Banki ya san asusun da kuɗin suka shiga, amma bai ga wanda ya danna ba. Kamfanin layi ya san wayar da aka sa sim a ciki da unguwar da take, amma bai san abin da aka faɗa ba. Hirar kuma ta nuna ƙaryar da aka yi miki, amma lamba ce ta yi magana, ba fuska ba. Aikin mai bincike shi ne ya samo inda ukun nan suka haɗu a kan mutum ɗaya. Shari'o'in da ake rasawa a wannan fanni, galibi a mahaɗar nan ake rasa su.

Mu fara da banki, domin nan ne lokaci ya fi ƙurewa. Ki duba rasit ɗinki. Idan daga bankinki zuwa wani banki kika tura, za ki ga wata doguwar lamba da aka rubuta Session ID a gabanta. Alƙaluma 30 ne. Duk tiransifa tsakanin bankuna a Najeriya ta irin wannan hanya tana bi ta NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan, kuma wannan lambar ce sunan tiransifarki a can. Alƙaluma shida na farko na bankin da ya tura ne, sha biyun da ke biye shekara ce da wata da rana da awa da minti da daƙiƙa. Da ita bankin da ya karɓa zai nemo shigar kuɗinki ba tare da gardama ba, ko da mai asusun ya ce bai ga komai ba.

Mai bincike, ko na 'yan sanda ko na EFCC, zai rubuta wa bankin ya nemi abu biyu: takardun buɗe asusun, da sitatimen. Sashe na 38 na dokar EFCC ta 2004 ya ba hukumar ikon neman irin waɗannan bayanai. Takardun buɗe asusu su ne suka fito da dattijon: hotonsa, BVN ɗinsa, adireshinsa. Mai bincike marar himma nan yake tsayawa, ya kamo tsoho ya ce ya gama aiki. Wanda ya san aikinsa zai ƙara tambayar bankin wasu abubuwa. Wace lamba ce ke karɓar alat da lambar sirri ta tabbatar da ciniki? Yaushe aka sauya ta? A wace waya aka sauke manhajar bankin, kuma daga wane adireshin intanet ake shiga? Bankuna suna ajiye duk wannan. Sau da yawa sai a tarar lambar da ke kan BVN ta dattijon ce, amma lambar da ke karɓar alat wata ce daban, kuma mai riƙe da ita shi ne mai sarrafa asusun.

Yadda irin waɗannan asusu ke samuwa sananne ne. A je ƙauye a ce za a ba da tallafi, a karɓi NIN da BVN na mutane, a ɗauki hotonsu, a buɗe asusu ta waya a tafi da shi. Wasu kuma da saninsu suke sayar da asusun a kan 'yan kuɗi kaɗan. Bambanta waɗannan biyun ma aikin bayanan ne, shi ya sa nake cewa hujjar da za ta kama mai laifi ita ce za ta wanke tsohon idan ba shi da hannu.

Sitatimen kuwa labarin tafiyar kuɗin ne. Bari in kwatanta da irin abin da aka saba gani. A ce kuɗinki sun shiga da ƙarfe 2:14 na rana. Da 2:19 an tura dubu ɗari biyar zuwa asusu na biyu, da 2:21 an tura dubu ɗari huɗu zuwa na uku, da 2:40 an cire dubu ɗari biyu da casa'in a wurin mai POS, sai kuma aka sayi katin dubu biyu aka loda wa wani layi. Kowace tura tana da nata Session ID, don haka sai a sake rubuta wa banki na biyu da na uku, su ma su kawo takardunsu. Mai POS yana da lambar na'ura da ke nuna ko shi wane ne da inda shagonsa yake, kuma zai iya tuna wanda ya zo, musamman idan ya saba zuwa. Amma ni, cikin duk layukan nan, wanda na fi so mai bincike ya zura wa ido shi ne katin dubu biyun. Mutum yana taka-tsantsan da manyan kuɗi, sai ya yi sakaci da ƙananan. Layin da aka loda wa kati, ko mitar wuta da aka saya wa yunit, ko dikodar da aka biya wa kuɗin wata, galibi na gidan mai laifin ne ko na wani na jikinsa.

Game da tsayar da kuɗin: dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta ba da damar a dakatar da ciniki a asusun da ake zargi na awa 72, bayan haka sai da umarnin kotu. Sashe na 34 na dokar EFCC ma ta hannun kotu ya bi wajen rufe asusu. Kin ga a misalin da na bayar, cikin ƙasa da rabin awa asusun ya kusa komawa fanko. Don haka duk wanda aka damfara ya fara kiran bankinsa nan take ya ba da Session ID ya ce zamba ce, domin bankinsa ya sanar da ɗayan bankin, sannan ya wuce ofishin hukuma. Naki ya kwana biyu, amma ki nace a bi asusu na biyu da na uku, domin wani lokaci ana tarar da saura a can.

Yanzu lambobin waya sun taru: wadda aka yi hira da ke da ita, wadda ke karɓar alat, da wadda aka loda wa kati. Nan kamfanin layi ke shigowa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta wajabta wa kamfanonin sadarwa a sashe na 38 su ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar kira har shekara biyu, su kuma miƙa wa hukuma idan ta nema ta hanyar da doka ta tsara. Shekara biyu tana da yawa a baki, amma fayil yakan kwanta a ofis fiye da haka, kuma idan wa'adin ya wuce ba a nema ba, ba lallai a sake samu ba.

Mutane da yawa suna zaton kamfanin layi na da faifan duk abin da suka faɗa. Ba haka ba ne. Abin da ke cikin tarihin kira shi ne lambar da ta kira, wadda aka kira, rana da lokaci, tsawon maganar, ƙarfen sabis ɗin da wayar ta kama, da lambar jikin wayar da ake kira IMEI. Sauraron magana kai tsaye abu ne daban, sashe na 39 ya ce sai alƙali ya ba da umarni, kuma abin da ake faɗa daga lokacin ne za a ji, ba na baya ba. Kiran WhatsApp kuma ba ya fitowa a matsayin kira ko kaɗan, data kawai za a ga an sha.

Sunan da ke kan rajistar layin ma kada ki sa rai da shi sosai. Tun Disamba 2020 aka fara tilasta haɗa layi da NIN, amma wanda ya iya buɗe asusu da sunan tsoho zai iya yin rajistar layi da sunan wata tsohuwa. Abin da ya fi kama mutane shi ne IMEI. Alƙaluma 15 ne, kowace waya da nata, mai sim biyu kuma tana da biyu. In kin danna *#06# za ki ga na wayarki. Ɗan damfara yakan jefar da sim bayan ya gama aiki, amma da wuya ya jefar da waya, domin da kuɗi ya saya. Sai mai bincike ya juya tambayar: maimakon "layin nan na wane ne", ya ce wa kamfani "waɗanne layuka ne aka taɓa sawa cikin wayar nan?" Idan amsa ta zo da wani layi da ya shekara biyar yana aiki, yana kiran lambobi guda uku ko huɗu kullum, yana kwana a ƙarƙashin ƙarfen sabis ɗaya kowane dare, to an kusa. Idan kuma wannan layin ne aka loda wa katin dubu biyu daga kuɗinki, banki da kamfanin layi sun nuna mutum ɗaya ke nan, kowanne ta tasa hanyar.

Wannan ma yana da iyaka, kuma lauyan wanda ake tuhuma ya san ta. Ƙarfen sabis ba ya nuna gida. A cikin birni yana rufe 'yan ɗaruruwan mitoci, a karkara kilomitoci da dama, don haka iyakar abin da zai ce shi ne wayar tana wannan yanki. Waya kuma tana sauya hannu. Wanda aka kama da ita yau zai iya cewa a kasuwar waya ta Farm Centre ya saye ta wata biyu bayan an yi zambar, kuma idan tarihin ya nuna layinsa bai shiga wayar ba sai bayan ranar, gaskiya ya faɗa. Akwai kuma masu gyaran waya da ke sauya IMEI. Adireshin intanet ɗin da banki ya bayar shi ma kamfanonin layi kan raba guda ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, sai an haɗa da daidai daƙiƙar da aka shiga kafin ya yi amfani. Har agogo yana rikita shari'a: bayanan kamfanonin waje sukan zo da lokacin UTC, mu kuma muna gaba da shi da awa ɗaya. Wanda bai daidaita ba zai iya ganin kamar an yi hirar kafin a tura kuɗin, alhali bayan nan ne.

Sai hirar. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya, kamfanin kansa ba ya iya karantawa. Abin da za a iya samu daga gare shi ƙalilan ne, kamar lokacin buɗe asusu da adireshin intanet, kuma da yake a Amurka yake, hanyar tana da tsawo. A zambar miliyan ɗaya da ɗoriya da wuya a bi ta. Saboda haka hirar wuri biyu take: wayarki da tasa. Shi ya sa na fara da maganar wayarki.

Raunin hoton fuskar waya shi ne kowa zai iya ƙirƙirarsa. Mutum zai iya ajiye lambar ƙaninsa da sunan wani, su yi hira, ya ɗauki hoto. Zai iya goge saƙonni uku daga tsakiya kafin ya ɗauka. Don ki ƙarfafa naki, ki buɗe shafin bayanin mutumin ki ɗauki hoton da lambar ta fito ƙarara, ba sunan da kika sa masa ba. Sannan ki shiga hirar, ki danna ɗigo ukun nan na sama, ki zaɓi More, sai Export chat, ki haɗa da hotuna da muryoyi, ki tura wa imel ɗinki. Zai fito da hirar daga farko zuwa ƙarshe, kowane saƙo da ranarsa da lokacinsa. Saƙon da ya fi kowanne daraja shi ne wanda ya turo miki lambar asusun dattijon ya ce ki biya a nan, domin shi ne ya ɗaure mai hirar da asusun. Idan ya taɓa turo murya, ki riƙe ta da kyau.

Idan aka kama mutumin da wayarsa, yadda aka riƙe wayar a awannin farko shi ke yanke ƙimarta. Sashe na 45 na dokar laifukan intanet ya tanadi a nemi waranti daga alƙali don bincike da kwace na'ura. Daidai shi ne a katse ta daga sabis nan take, don kada wani ya goge ta daga nesa, a rubuta samfurinta da IMEI a gaban mai ita, a sa a jaka a liƙe, a kai ɗakin binciken na'urori. A can ake haɗa ta da na'ura irin su Cellebrite a kwafo abin da ke ciki, a kan kwafin ake aiki ba a kan wayar ba. Ana kuma lissafa wa kwafin wata lamba ta musamman, galibi da tsarin SHA-256, wadda ke aiki kamar hatimi a bakin buhu: ko harafi ɗaya aka taɓa a ciki, lambar za ta sauya gaba ɗaya. Duk wanda wayar ta bi ta hannunsa sai ya sa hannu da kwanan wata. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga jami'i ya karɓi waya yana ta shafawa a teburinsa, yana buɗe saƙonni, yana tura wa kansa hotuna, ta kwana a aljihunsa. A kotu za a tambaye shi wa ya tabbatar bai ƙara ko ya rage komai ba, kuma ba shi da amsa.

Saƙon da aka goge wani lokaci yana dawowa, wani lokaci ba ya dawowa. Ya danganta da irin wayar, da tsawon lokacin, da ko akwai ajiyar da aka yi a Google Drive kafin gogewar. Amma ko hirar ta tafi, akan tarar da wasu abubuwan: hotunan leshin da ya turo miki, manhajar bankin dattijon, alat ɗin shigar kuɗinki, hoton katin shaidar tsohon. Da irin wannan haɗe-haɗe aka kama Ramon Abbas, wanda aka sani da Hushpuppi, a Dubai a 2020: hira da lambar da aka samu a wayar abokin harkarsa, aka gwama su da bayanan da kamfanoni irin su Instagram da Apple suka bayar. A 2022 kotu a Amurka ta yanke masa wata 135.

Sauran tambayarki, ko zai karɓu a kotu. Duk abin da ya fito daga na'ura, sitatimen ne, tarihin kira ne, ko hirarki da aka buga a takarda, sai ya bi ta sashe na 84 na dokar shaida ta 2011. A taƙaice, sai an nuna cewa na'urar da ta fitar da shi ana amfani da ita yau da kullum a lokacin, irin waɗannan bayanai ake saba shigar mata, tana aiki lafiya, kuma abin da aka buga daga cikinta ya fito. Ana yin haka ta bakin shaida, ko ta satifiket ɗin da ƙaramin sashe na 4 ya tanada, wanda mai kula da na'urar zai sa wa hannu. Kotun Ƙoli ta ɗauki wannan da gaske. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, an ƙi takardun da aka bugo daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Don haka jami'in banki zai zo da nasa satifiket, na kamfanin layi da nasa, ke ma za a shirya miki naki a kan wayarki da firintar da aka buga hirar da ita. Ki tambayi mai gabatar da ƙara tun kafin ranar zama ko an shirya, domin abu ne mai sauƙi da ake mantawa har sai lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya yi suka.

Karɓar takarda daban, yarda da ita daban. Alƙali zai iya karɓar hoton hirarki ya sa masa lamba, sannan a hukunci ya ce bai gamsu cewa wanda ke tsaye a gabansa ne ya rubuta ba. A shari'ar laifi sai an kawar da duk wani shakku mai ma'ana, kuma abin da ake tuhuma a nan shi ne karɓar dukiya ta hanyar yaudara, wanda dokar zamba ta 2006 ta sa wa ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Ke za ki tabbatar da ƙaryar da biyan kuɗin. Banki zai tabbatar da inda suka bi. Kamfanin layi da rahoton ɗakin bincike za su tabbatar da hannun da wayar take. Kada kuma ki yarda a dogara da cewa "ai ya amsa laifinsa" kawai. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki irin wannan jawabi a bidiyo ko a gaban lauyansa, kuma da yawa kan janye a kotu su ce tilasta musu aka yi. Idan jawabin ya faɗi, bayanan nan ne za su rage.

Abin da nake so ki yi a wannan makon shi ne ki je bankinki ki karɓi sitatimen mai hatimi na watan da abin ya faru, ki fitar da hirar kamar yadda na faɗa, ki kuma rubuta wa mai binciken takarda, ta hannun lauya in da hali, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. A ciki ki nemi ya tambayi bankin lambar da ke karɓar alat da wayar da ke shiga asusun, ya bi asusu na biyu da na uku, ya kuma nemi tarihin IMEI na layin da ya yi hira da ke. Idan ofishin da kika kai ƙara ba shi da kayan wannan aiki, za ki iya kai koke ofishin EFCC na Kano, ko cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda da ke Abuja. Idan shari'a ta kai ga hukunci, ki tunatar da mai gabatar da ƙara ya roƙi kotu ta ba da umarnin mayar miki da kuɗinki, domin dokar zamba ta 2006 ta tanadi hakan a sashe na 11.